Wasiƙa Zuwa Ga Kanki: Ki Rufe Yau, Ki Buɗe Bayan Shekara Goma

Uwargida, in aka tambaye ki nawa kika sayi mudun shinkafa shekara goma da suka wuce, ko wace damuwa ce ta hana ki barci a wancan lokaci, da wuya ki tuna daidai. Wannan mantuwa ce ta sa wasu mata ke rubuta wa kansu wasiƙa, su liƙe, su ajiye sai bayan shekara goma. Sai dai da yawa sukan cika ta da buri da nasiha, ranar buɗewa su tarar ba ta gaya musu komai ba. Abin da zai amfane ki a ranar shi ne ainihin halin da kike ciki yau, da sunaye da adadi.

A ce shekarunki 32, 'ya'yanki uku, masu shekara 9, 6 da 2. Mai karanta wasiƙar mace ce 'yar shekara 42, babbar 'yarta ta kai 19, autanta 12. Da ita za ki yi magana. Kada ki ce "Allah Ya shirya min yara" ki tsaya nan. Rubuta surar da babbar ta kai a Islamiyya, abincin da na tsakiya ya ƙi jini, da kalmar da autan ke faɗa a karkace. Ki sa kuɗin cefanen rana, kuɗin makaranta na zango ɗaya, da jarin sana'arki. Wadda ta rubuta a 2013 cewa litar fetur naira 97 ce, ta buɗe a ƙarshen 2023 ta tarar ta haura naira 500. Layi ɗaya irin wannan ya isa ya tuna mata yadda gidanta ya yi ta maneji.

Bayan haka ki ambaci damuwa guda biyu ko uku da suka fi nauyi a zuciyarki, kowacce ki bi ta da tambaya: "Bashin keken ɗinkin nan, kin gama biya? Ke da ƙanwar maigida kun shirya?" Buri kuwa ki taƙaita shi ga wanda za a iya cewa ya cika ko bai cika ba, kamar sauke Alƙur'ani ko sayen fili, ki haɗa da in sha Allah.

Ki sa a ranki cewa mai yiwuwa ba ke za ki buɗe ba. Rai na hannun Allah, kuma yaro ko abokiyar zama na iya cin karo da ita. Saboda haka duk sirrin da zai raba zumunci, ko aibin maigida da ba ki son 'ya'yansa su karanta, kada ya shiga takarda. Haka nan wasiƙar ba wasiyya ba ce. Bashin da ake bin ki, amanar da ke hannunki da kuɗin adashi, a rubuta su daban a gaban shaidu, domin haƙƙin mutane ba ya jiran shekara goma a cikin ambulan. A bayan ambulan ɗin ki rubuta abin da za a yi da ita in ba kya raye: a ba wance, ko a ƙona ba tare da an buɗe ba.

Wajen kwanan wata ki zaɓi lissafi ɗaya. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka a shekara goma tazarar ta kai wajen kwana 110. Farkon Muharram 1447 ya faɗo a ƙarshen Yunin 2025, amma na 1457 zai zo ne a Maris 2035.

Sai ajiya, inda aka fi yin asara. Ki yi rubutu da baƙin biro a farar takarda mai kauri, domin jan tawada yakan dushe, alƙalami mai ruwa kuma yakan narke in laima ta taɓa shi. Kada ki haɗa da rasit irin na injin POS, rubutunsa kan goge tun kafin lokaci ya yi nisa. Kwafe adadin da hannunki. Kada ki maƙala ƙarfe ko salatif, tsatsa da danƙo za su ɓata takardar. Kuɗi ma bar su a waje, kin dai ga abin da canjin takardun naira ya jawo a 2022 da 2023.

Ki sa ambulan ɗin a gwangwani mai murfi da ya bushe sarai, ki ɗora a saman kabad, nesa da ƙasa da jikin bango, inda gara da danshin damina ke bi. Duk shekara in hunturu ya shigo ki duba shi: warin rima, ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa ko burbushin takarda alama ce ta a sauya wuri. Sannan ki sanar da mutum ɗaya amintacce inda take, don kada ta bi kayan da aka zubar ranar tashi daga gida.

Allah Ya kai mu ranar buɗewa da rai da lafiya, amin.