Rajistar Mai Neman Aiki: Wa Ka Tuntuɓa, Yaushe Za Ka Sake Waiwayarsa?

Wanda ya gama bautar ƙasa ya shiga neman aiki yakan watsa takardunsa ta hanyoyi da yawa: wasu ta Jobberman, wasu ta LinkedIn, wasu ta imel, wasu kuma ta hannun wani yaya da ya ce a turo masa ta WhatsApp. Bayan wata huɗu ko biyar sai waya ta shigo, a ce daga kamfani kaza ake kira, shi kuwa ya ma manta muƙamin da ya nema a wurinsu. Maganin wannan ruɗani shi ne rajista ɗaya, ko a littafin rubutu ko a Google Sheets da ke buɗuwa a waya.

Kowace takarda da ka tura a ba ta layi guda, a raba layin gida bakwai: ranar turawa, sunan ma'aikata, muƙamin, sunan jami'in ɗaukar ma'aikata da lambarsa ko imel ɗinsa, takardun da ka haɗa, abin da aka ce maka na ƙarshe, sai ranar da za ka sake tuntuɓa. Idan ta shafin gwamnati ka nema, kamar na hukumar da ke ɗaukar jami'an shige da fice da na kashe gobara, ba mutum za ka rubuta ba, lambar shaidar da aka ba ka da imel ɗin da ka yi rajista da shi za ka adana.

Gida na bakwai shi ne ƙashin bayan rajistar. Ka'idar ita ce kada wani layi ya kwana babu ɗayan biyu: ko ranar tuntuɓa ta gaba, ko kalmar "an rufe". Layin da aka bari fayau shi ne wanda ake mantawa.

A ce wata da ta karanta akanta ta tura takardunta ga wani kamfanin rarraba kaya a Kano ranar Litinin 3 ga Maris, 2025. Ta ba su kwana bakwai na aiki, wato zuwa Laraba 12 ga wata. Idan ranar turawa tana gida na farko a layi na biyu, wannan lissafi zai fitar mata da ranar da kansa, ya tsallake Asabar da Lahadi:

```
=WORKDAY(A2,7)
```

Sai dai bai san hutun Sallah ba, wannan ita za ta gyara da hannu. Ranar 12 ta aika gajeren saƙo: ta gaisa, ta ambaci muƙamin da ranar da ta nema, ta tambayi inda aka kwana. Jami'ar ta amsa cewa sai ƙarshen wata za su tantance. Nan take ta rubuta wannan amsa a gida na shida, ta sa 2 ga Afrilu a na bakwai, ta kuma saita tunatarwa a kalandar wayarta. Ranar da jami'i ya faɗa da bakinsa ita ake bi, kiransa kafin ta cika naci ne kawai. Idan kuwa aka yi tuni sau biyu shiru, a rufe layin, a mayar da ƙarfi wani wuri.

Akwai kuskuren da ke ɓata lissafin mutane ba su sani ba. Idan saitin takardar na Amurka ne, 3/4 zai zama 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu. Alamarsa ita ce ka ga ranar tuni ta faɗo kafin ranar turawa. A gyara shi ta File, sannan Settings, a mayar da Locale zuwa United Kingdom.

Rajistar tana kuma tsare mutum daga abu biyu. Na farko, idan dillalin aiki ya ce zai kai takardunka wani kamfani, ka duba ko wani ya riga ya kai, domin shigowar suna ɗaya ta hannu biyu yakan jawo taƙaddama kan ladan dillanci, har a ajiye takardun gefe. Na biyu, idan aka gayyace ka intabiyu daga wurin da babu shi a rajistarka, aka kuma ce ka biya kuɗin fom ko na gwajin lafiya a asusun wani mutum, to damfara ce.

Duk wannan ba zai yi amfani ba sai ana cike layin a ranar da abin ya faru. Ka ware minti goma sha biyar kowace Litinin da safe ka duba gida na bakwai, ka aika saƙonnin da lokacinsu ya yi, ka rufe layukan da suka mutu.