Lambobi Shida da ke Raba Mutum da WhatsApp Ɗinsa

Yawanci da kiran waya abin ke farawa. Wata murya mai ladabi za ta yi sallama, ta ce daga zauren tsofaffin ɗalibai take kira, akwai taro da yamma, an turo wasu lambobi shida ta saƙon tes, a karanto su don a sa sunan mutum. Lambobin nan su ne mabuɗin rajistar WhatsApp. Ana karanto su, asusun ya koma wayar ɓarawo.

Alama ta farko a fili take: manhajar ta fitar da mai ita, ta ce lambarsa ba ta da rajista a wayar. Sai kuma kiran 'yan uwa, "Lafiya kake neman rancen dubu hamsin?" Wani kutsen kuwa a ɓoye yake. Asusu na aiki lafiya lau, amma ana ganin saƙonnin da ba mai shi ya tura ba. Nan sai a duba Linked devices, a cire duk na'urar da ba a sani ba.

Idan kuma layin waya ne ya ɗauke gaba ɗaya alhali na maƙwabta na aiki, wataƙila an sauya layin zuwa wani katin. Ta haka aka ƙwace shafin Twitter na Jack Dorsey, shugaban kamfanin da kansa, a watan Agustan 2019. Mai irin wannan matsala ofishin kamfanin layinsa zai fara nufa, ya kuma sanar da bankinsa, domin lambobin tabbatar da cire kuɗi ma ta layin suke zuwa.

Wanda layinsa ke hannunsa, aikinsa ya fi sauƙi. Ya buɗe WhatsApp, ya sake sa lambarsa, ya jira sabbin lambobi shida. Yana shigar da su, an kori ɓarawon. Inda ake samun cikas shi ne idan ɓarawon ya riga ya kunna Two-step verification da nasa lambobin sirri. To, sai an jira kwana 7 kafin a shiga, amma shi ma yana waje duk tsawon lokacin.

Kafin nan, kada kunya ta hana magana. A kira iyali da shugabannin zauruka, a ce su cire lambar, kowa ya riƙe kuɗinsa. Ɓarawon ba ya samun tsofaffin hirarraki, domin suna cikin wayar mai asusun, amma yana ganin zauruka da lambobin mutanen ciki, kuma su zai bi ɗaya bayan ɗaya.

Asusu na dawowa, a shiga Settings, sai Account, a kunna Two-step verification, a haɗa da adireshin imel. Babu taron da ake shiga da lambobin rajistar WhatsApp, don haka duk wanda ya nema a kashe masa waya.