Wasiƙar Ciniki Ga Manajan Reshe: Abin Da Hoton Allo Ke Faɗa Da Abin Da Yake Ɓoyewa

A manyan shagunan kayan masarufi, da kamfanonin rarraba kaya, da rassan kantunan magani, yanzu kwamfuta ce ke tara lissafin ciniki. Kowane mako tana baje shi a shafi guda, da lambobi da zane-zanen hawa da sauka, wanda ma'aikata ke kira dashbod. Wasu da Excel suke haɗa shi, wasu da Power BI. Sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ba shi da izinin shiga cikin manhajar, sai dai a ɗauko hoton allon a turo masa ta WhatsApp, a ce ya duba makonni huɗu ko biyar ya rubuta wa manaja wasiƙa kan inda ciniki ya dosa. Aikin kamar mai sauƙi ne, amma da wannan takarda manaja zai yanke shawarar yawan kayan da zai yi oda, wani lokacin ma har da ma'aikacin da za a tuhuma da sakaci.

Hoto ba ya motsi. Wanda ke gaban kwamfutar zai iya latsa lamba ya ga abin da ke ƙarƙashinta, amma mai riƙe da hoto abin da aka ɗauko masa kaɗai yake gani. Saboda haka kafin ya kalli manyan lambobin tsakiya, gefen hoton ya kamata ya fara dubawa, inda ake rubuta ranakun da lissafin ya ƙunsa, da reshen da aka zaɓa, da lokacin da aka sabunta bayanan. Haka kuma ya tabbatar duk hotunan ma'auni ɗaya suke nunawa. Idan wani ya nuna Gross Sales, wato jimillar ciniki kafin a cire rangwame da kayan da aka dawo da su, wani kuma ya nuna Net Sales, wato abin da ya rage bayan an cire, to ba a jera su a layi ɗaya.

Mu ɗauki misali, na koyarwa kawai. A ce wani reshe ne a Kano da ke sayar da kayan abinci a kan sari. Hoton mako na farko ya nuna shinkafa ta kawo naira 6,000,000, na mako na huɗu kuma ya nuna 6,300,000. Mai gaggawa zai rubuta cewa cinikin shinkafa ya ƙaru da kashi 5 cikin ɗari, kuma lissafinsa daidai ne. Amma a kusa da kuɗin akwai wani gurbi da aka rubuta Units Sold, yawan kayan da suka fita. A mako na farko buhu 100 ne, a na huɗu buhu 90. Raba kuɗin da yawan buhunan, sai ka ga matsakaicin farashin buhu ya tashi daga 60,000 zuwa 70,000. Ashe buhunan da suka fita sun ragu da kashi 10 cikin ɗari, tsada ce kawai ta kumbura kuɗin. Da a tsohon farashi aka sayar da buhu 90 ɗin, naira 5,400,000 za a samu, wato ƙasa da mako na farko da 600,000.

A ganina wannan ne kuskure mafi haɗari a irin wannan rahoto, musamman a Nijeriya tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, lokacin da farashin kaya ke canzawa daga mako zuwa mako. Manajan da aka faɗa wa ciniki ya ƙaru zai ƙara oda, kaya su jibge a sito, jari ya kwanta, alhali masu saye raguwa suke yi ko kuma sun koma ɗaukar rabin buhu. Duk wasiƙar da ta ambaci kuɗi ba ta ambaci yawan kaya ba, rabin labari ta bayar.

Sai kuma makon da bai cika ba. A ce hoto na biyar ya nuna jimillar cinikin reshen naira 7,200,000, alhali makon da ya gabace shi 12,600,000 ne. Zanen zai nuna layi ya rufto ƙasa, gaban mutum ya faɗi. Amma idan daren Alhamis aka ɗauki hoton, kuma mako daga Litinin yake farawa, kwana huɗu kawai ke ciki. Raba 7,200,000 gida huɗu, ka raba 12,600,000 gida bakwai, duka biyun 1,800,000 ne a rana. Ko a haka ma sai an yi hattara, domin ranaku ba ɗaya suke ba: akwai shagon da Asabar ce ranar cinikinsa, akwai wanda ya dogara da ranar kasuwar garin. Abin da ya fi shi ne a ware wannan makon, a faɗa wa manaja dalilin warewar.

Kwatanta bana da bara ma yana da nasa tarkon a ƙasar Hausa. Azumi yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara: a 2024 an fara shi 11 ga Maris, a 2025 kuma 1 ga Maris. Wanda ya kwatanta makon ƙarshe na Fabrairun 2025, lokacin da magidanta ke sayen sukari da gero na shirin azumi, da makon ƙarshe na Fabrairun 2024, zai ga hauhawar da kalanda ce ta kawo ta. Makon jajibirin azumi da makon jajibirin azumi ake gwada shi. Ƙarshen wata, lokacin albashi, shi ma haka.

Ita wasiƙar kanta shafi ɗaya ya ishe ta. Bayan adireshi da kwanan wata da kan magana, manaja ba ya buƙatar doguwar shimfiɗa, sakamakon yake son gani a farko. Ga yadda za ta iya kasancewa:

"Yallaɓai, bayan gaisuwa da fatan alheri. Na duba hotuna biyar na lissafin cinikin mako da aka turo mini. Daga mako na farko zuwa na huɗu, kuɗin shinkafa ya ƙaru daga naira 6,000,000 zuwa 6,300,000, amma buhunan da muka sayar sun ragu daga 100 zuwa 90. Ƙarin ya zo ne daga tashin farashi. Ban sa mako na biyar a kwatancen ba, domin kwana huɗu kawai hoton ya ƙunsa."

Daga nan sai a raba abin da aka gani da abin da ake zato, kuma a nan marubuta da yawa ke zamewa. Hoton ya nuna buhu sun ragu, bai faɗi dalili ba. Wataƙila tsada ce ta kori masu saye, wataƙila wani babban kwastoma ɗaya ne bai zo ba, wataƙila kuma shinkafar ce ta ƙare a sito kwana biyu, ba a sayar ba don babu abin sayarwa. Kowanne da maganinsa daban, kuma idan na ƙarshen ne, rage oda zai ƙara dagula lamarin ne. Rubuta "ma'aikata sun yi sanyi" daga hoton allo zalunci ne, domin babu lambar da ta nuna hakan. Haka nan ciniki ba kuɗi a hannu ba ne, tunda manhajoji da yawa suna lissafa kayan da aka bayar bashi tun ranar da suka fita.

Saboda haka sakin layi na ƙarshe roƙo ne takamaimai: a ba da izinin duba littafin sito na waɗannan makonni, a fitar da jerin manyan kwastomomi da abin da kowanne ya ɗauka, a kuma dakata da ƙara odar shinkafa har amsa ta fito. Sai a lanƙwaya wa kowane hoto lamba da ranar da aka ɗauke shi, a haɗa su da wasiƙar, yadda manaja zai iya bin kowace lamba zuwa hoton da ta fito.