Layukan Bayan Kwali: Abin da Suke Faɗa da Abin da Ba Sa Faɗa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a kasuwa, wai in ka ga lambar da ke ƙasan baƙaƙen layukan nan na bayan kwali ta fara da 690, to kayan China ne, in 890 ce na Indiya, in kuwa 615 ce ɗan gida ne. Maganar tana da tushe, amma ta zarce gona da iri.

Layukan, waɗanda ake kira bakod, lamba ce kawai aka rubuta yadda na'urar kanti za ta iya karantawa. Mafi yawansu alƙaluma 13 ne. Ƙungiyar GS1 mai hedikwata a Brussels ce ke raba su ta hannun rassanta na ƙasashe, kuma ukun farko suna nuna reshen da kamfani ya yi rajista ne, ba inda injin ya ke ba. Ɗan kasuwar Kano da ya yi rajista a Najeriya zai iya sa a yi masa sabulu a Guangzhou, a buga masa 615, bai karya doka ba. Mai neman asalin kaya sai ya duba inda aka rubuta ƙasar da aka yi shi da adireshin masana'anta.

Bayan ukun farko sai lambar kamfani, sai ta kayan, sai alƙalami na ƙarshe wanda shi ne mai gadi. Ɗauki lambar misali 6151234567891, ka ajiye na ƙarshen gefe. Tara na ɗaya, na uku, na biyar, haka har na sha ɗaya, za ka sami 31. Tara sauran shidan, 26 ke nan, ka ninka sau uku ya zama 78. Jimla 109. Saura ɗaya ta cika 110, shi ya sa lambar ta ƙare da 1. In lissafin bai fita ba, ko dai an yi kuskuren bugu, ko wani ya shaci lambar da ka. To amma mai jabun da ya san sana'arsa ba ya shata. Kwalin asali yake saya ya kwafe shi tsaf, tunda duk kwalayen wannan samfuri lamba ɗaya suke ɗauke da ita, ko da sun kai miliyan. Saboda haka in ka haska da waya sunan kamfani ya fito, ka tabbatar da lambar ce, ba abin da ke cikin kwalbar ba.

Lambar rukuni ta fi amfani, ga shi kuma ita aka fi rainawa. Ita ce ake gani bayan BN ko LOT, kusa da ranar yi da ranar lalacewa. Duk abin da aka haɗa a tashi ɗaya, da kayan haɗi ɗaya, lambarsa ɗaya, kuma masana'anta tana ajiye bayanin inda ta kai shi. A watan Afrilun 2024 hukumar NAFDAC ta ba da umarnin janye maganin tarin yara na Benylin mai lamba 329304, wanda aka yi a Afirka ta Kudu a 2021, bayan ta ce gwajinta ya nuna sinadari mai guba a ciki. Ba duk maganin aka hana ba, wannan rukunin kaɗai. Uwar da ke da kwalba a ɗaki ba ta da hanyar sanin ko tata na ciki sai ta waɗannan alƙaluma shida.

Nan ne ma ake yawan kama marar gaskiya. Shi bakod tare da zanen kwali ake buga shi, amma lambar rukuni daga baya ake sa ta a wurin cike kaya, galibi da ɗigo-ɗigon tawada ko a danna ta cikin takardar. Buɗe kwalin ka gwada: lambar da ke jikinsa dole ta zo daidai da ta jikin kwalbar ko sacet ɗin ƙwayoyin, haka ma ranakun. In sun saɓa, an sauya gida. In ka karkata shi ga haske ka ga wurin ya yi dishi-dishi kamar an goge, ko an manna 'yar takarda a kan kwanan wata, mayar wa mai shago kayansa.

Ita ma lambar rajistar NAFDAC ana kwafarta. Abin da ya fi wuyar kwafa shi ne lambar da ake kankarewa a jikin wasu magunguna, musamman na zazzaɓin cizon sauro, tsarin da hukumar ta ƙaddamar a 2010. Kowane kwali da tasa, kuma sau ɗaya take aiki. Ka kankare da kanka, ka tura ta saƙon waya zuwa lambar da aka rubuta a wurin, ka jira amsa kafin ka bar kemis. Wanda ka tarar an riga an kankare, kada ka karɓa.