Aikin Ya Ƙare, Tikitin Na Buɗe: Yadda Ake Gane Matattun Ƙorafe-ƙorafe

Duk wanda ya taɓa kai ƙarar lalacewar wuta ko famfo ga wani ofishi ya san lambar da ake ba shi, wadda ma'aikata ke kira tikiti. Ana buɗe shi ranar da ƙorafi ya shigo, a rufe shi ranar da gyara ya kammala. Sai dai buɗewa tana da mai matsawa a yi ta, wato mai ƙorafi, rufewa kuwa ba ta da mai bin ta. Da ruwa ya dawo kowa ya kama gabansa, a bar tikitin a rajista yana ƙirga kwanaki.

Ɓarnar wannan sakaci ta wuce ƙazantar rajista. Dokokin hukumar kula da wutar lantarki ta Nijeriya sun ba kamfanonin rarraba wuta, har da na Kaduna mai kula da Zamfara, ranakun aiki 15 su warware ƙorafin abokin hulɗa kafin ya iya ɗaukaka ƙara. Irin wannan wa'adi da ranakun da ke rubuce ake auna shi. Idan rajistar kowane ofishi ta cika da ayyukan da suka ƙare tuni, ƙorafin gaskiya zai nutse a cikinsu, ma'aikacin da ya yi aikinsa kuma ya sha zargin lalaci.

Mu ƙaddara wani sashen gyare-gyare mai hedikwata a Gusau, da reshe ɗaya a Tsafe kan hanyar Funtuwa, ɗaya a Bunguɗu kan hanyar Sakkwato. Tambayar farko ita ce, tikiti nawa ya kamata a samu a buɗe? Akwai wata ƙa'idar lissafi da John Little ya tabbatar a 1961: yawan abin da ke kan layi daidai yake da yawan abin da ke shigowa sau tsawon lokacin da kowanne ke ɗauka. Idan ƙorafi 20 ke shigowa a mako, gyara kuma yana cin mako biyu, to tikiti kusan 40 ya kamata a gani. In rajista ta nuna 130, akwai 90 da suke neman bayani. Iyakar lissafin ke nan. Ba zai faɗa maka ko waɗannan 90 ayyuka ne da suka ƙare ko waɗanda suka maƙale ba, kuma bai san su da suna ba.

A nan ne yawancin shugabanni ke jera tikitoci bisa tsufa, su ce a rufe duk wanda ya wuce wata uku. A ganina wannan ne babban kuskure, domin tsufa kaɗai ba shaida ba ne. Aikin da ke jiran kayan da aka yo oda daga Kano yana iya tsufa alhali yana nan da ransa. Abin da ya fi amfani shi ne ranar da aka taɓa tikitin ta ƙarshe, ko da kira ne ko saƙo ko 'yar rubutacciyar sanarwa. Mai riƙe rajista a Excel zai ware wa wannan rana shafi na tsaye, a ce D, ya rubuta `=TODAY()-D2` a gefensa, sai kwanakin shiru su fito. Duk wanda shirunsa ya ninka lokacin gyara na yau da kullum sau biyu, wato mako huɗu a misalinmu, a ware shi domin bincike.

Binciken kuwa a wajen rajista ake yin sa. Aikin da aka yi yakan bar sawu: littafin sito zai nuna kayan da aka fitar, ofishin kuɗi zai nuna takardar biyan makaniki, littafin direba zai nuna ranar da mota ta fita da inda ta je. Ga tikitoci uku da aka buɗe a mako ɗaya, aka duba su ranar 30 ga Afirilu.

Na farko na injin rijiyar burtsatse ne a reshen Tsafe, an buɗe shi 3 ga Fabrairu. Saƙon ƙarshe daga reshen ya zo 5 ga wata. Sito ya fitar da sabon inji ranar 6, mota ta je Tsafe ranar 9, an biya makaniki ranar 10. Shaidu uku sun haɗu, mai ƙorafi kuma ya yi shiru daidai lokacin da kaya suka fita. Wannan aiki ya ƙare. Abin da ya faru a bayyane yake: makaniki ya buga wa ogansa waya ya ce an gama, ogan ya ce madalla, maganar ba ta kai ga mai rajista ba.

Na biyu na baturan sola ne a Bunguɗu. Shekarunsu ɗaya da na farko, amma shugaban reshen ya kira sau uku, na ƙarshe ranar 22 ga Afirilu, sito kuma bai fitar da kome ba. Wannan rayayye ne, kuma dokar rufe duk abin da ya wuce wani wa'adi da ta binne shi da ransa.

Na uku shi ya fi ba ni tsoro: rufin wani ɗaki mai yoyo, babu kira tun Fabrairu, babu kaya, babu biya. Shirunsa ya yi kama da na farko, amma babu sawun aiki ko ɗaya. Mai yiwuwa rani ne ya rufe bakin mai ƙorafin, damina na sauka zai dawo. Mai yiwuwa kuma ya gaji ya fid da rai. Mu a Zamfara mun san shiru ba yarda ba ne. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a jihar na tsawon makonni, kuma duk rajistar da ta ɗauki shirun wancan lokaci a matsayin gamsuwa ta yaudari kanta.

Ko tikitin Tsafe ma ba a rufe shi daga kan tebur. Takardar biya shaida ce cewa kuɗi sun fita, ba ta nuna ruwa na zuba ba. A kira wanda ya kawo ƙarar, ba wanda ya yi gyaran ba, a kuma yi masa tambaya takamaimai: «Malam, yau da safe kun ɗebi ruwa a famfon?» Idan aka ce masa «Lafiya dai ko?», kunya za ta sa ya amsa lafiya lau. In ba a same shi ba, a aika saƙo cewa za a rufe bayan mako ɗaya, a kuma bar masa damar sake buɗewa da lambar nan tasa.

Wajen rufewa a rubuta ranaku biyu: ranar da aiki ya ƙare da ranar da aka rufe. Gyaran Tsafe ya ci kwana 6. Idan aka rubuta 30 ga Afirilu kawai, zai zama kwana 86, kuma 'yan tikitoci kaɗan irinsa sun isa su lalata matsakaicin lokacin gyara na shekara, wanda shi ne ginshiƙin lissafin da muka fara da shi.

Maganin dindindin shi ne a ɗaura rufewa da abin da ma'aikaci ba ya mantawa. Kowace takardar fitar da kaya da ta biyan kuɗi ta ɗauki lambar tikiti, kada kuma a sa hannu a biyan ƙarshe sai an rubuta ranar kammalawa. Sa'annan a ɗora wa mutum ɗaya sananne alhakin duba jerin masu dogon shiru kowace Litinin. Rabin sa'a ya ishe shi, muddin ba a bar jerin ya taru ba.