Yadda A Ke Tsara Rahoton Gwaji

Yawancin ɗalibai in sun fito daga ɗakin gwaje-gwaje su kan rubuta rahotonsu yadda a ke ba da labarin tafiya, watau abin da ya fara faruwa shi a ke fara faɗi. Ba laifi ba ne a zubin farko, gama haka abin ya ke a ƙwaƙwalwa. Amma malamin da zai duba ba labari ya ke nema ba. Tambaya huɗu ya ke da ita: me aka so a sani, yaya aka yi, me aka samu, mene ne ma'anarsa? Amsoshin nan su ne gabatarwa, da hanyar aiki, da sakamako, da sharhi, kuma haka a ke jera su.

Bari mu ɗauki gwajin lilo, wanda a ke rataya dunƙulen dalma da zare a kaɗa shi a auna lokaci. Ga irin zubin farkon da a kan gani:

"Mun ɗaura dalma a zare mai tsawon santimita 25, muka ƙidaya lilo 20, agogo ya nuna daƙiƙa 20.5. Da muka yi lissafi g ya fito 9.39, ya yi kaɗan, wataƙila don iska. Sai muka ƙara zare ya kai 50, muka sami 28.7. Tsawon zare shi ke sa lilo ya yi jinkiri. A 100 mun sami 40.4. Muna so mu san ƙarfin da ƙasa ke jawo abu da shi."

To, kada ka yi hanzarin sake rubutawa. Ɗauki fensir ka bi jimla jimla, kana tambayar kowace ɗaya wace tambaya ta ke amsawa, ka sa mata alama a gefe. Za ka ga jimlar ƙarshe, wadda ta faɗi abin da a ke nema, ita ce ya kamata ta buɗe rahoton. Jimlar farko kuwa ta haɗa abu biyu, don haka sai a tsaga ta: ɗaura dalma da ƙidaya lilo 20 hanyar aiki ne, daƙiƙa 20.5 sakamako ne. Lambar da kai ka zaɓa kafin ka fara, kamar tsawon zare da yawan lilo, ita ce ke bayyana hanyar aiki. Wadda agogo ya ba ka kuwa ta sakamako ce.

Gabatarwa ba ta bukatar tsawo. A faɗi abin da a ke nema, watau g, a kawo ƙa'idar da aka dogara a kai, T = 2π√(L/g), a bayyana cewa T lokacin lilo ɗaya ne, zuwa da komowa, L kuwa tsawo ne daga inda aka rataya zare har tsakiyar dalma. A ƙara da cewa ƙa'idar tana aiki ne in ba a ja dalmar nesa ba kafin a sake ta. Shi ke nan. Tarihin Galileo a bar shi sai ranar da aka tambaya.

A hanyar aiki ne tsarin nan ya kan fara tona asiri. In ka tattara jimlolinta wuri guda ka karanta, sai ka tambayi kanka ko ɗan wani aji zai iya maimaita gwajin da wannan kaɗai. A misalinmu ba zai iya ba. Ba a faɗi nisan da aka ja dalma ba. Ba a faɗi sau nawa aka maimaita kowane awo ba. Babba duka, ba a faɗi daga ina zuwa ina aka auna zaren ba. Da can duk waɗannan ramuka suna nan, labari ne ya lulluɓe su. Sai ɗalibi ya koma littafin da ya rubuta awo a ciki ya nemo amsa, ya rubuta abin da ya yi hakika, ko da ya ga ba shi ya kamata ya yi ba. A ce ya tarar ya auna zaren ne zuwa saman dalma, dalmar kuwa kaurinta santimita 2 ne. Lalle ya rubuta haka, gama zai yi masa amfani nan gaba.

Sakamako shi ne wurin lambobi, kuma jadawali ya fi surutu. Tsawo 25, 50, 100. Lokacin lilo 20 daƙiƙa 20.5, 28.7, 40.4, in an raba da 20, lilo ɗaya ya zama 1.025, 1.435, 2.02. Daga nan g ya fito 9.39, 9.59, 9.68. Kowane layi a rubuta ma'auninsa a kai, don lamba ba ma'auni ba ta gaya wa kowa kome. A ƙarƙashi a sa jimla ɗaya ko biyu masu nuna abin da ido zai lura da shi, kamar cewa g yana ƙaruwa yayin da zare ke ƙara tsawo. In akwai awon da aka yar don an ɓata ƙidaya, a ambace shi da dalilinsa, kada a shafe shi a yi shiru.

Iyakar da ke tsakanin sakamako da sharhi ita ce ta fi ba ɗalibai wuya. Akwai dabara mai sauƙi. Duk inda ka ga "saboda", ko "wataƙila", ko "wannan ya nuna", ka san ka tsallaka cikin sharhi, sai ka ɗauke jimlar ka kai ta can. "Wataƙila don iska" ke nan ta tashi daga tsakiyar lambobi.

Da ta isa wurin sharhi kuwa, sai ta tsaya gaban alkali. A ƙasarmu, da ya ke muna kusa da tsakiyar duniya, g wajen 9.78 ne, duk lambobinmu uku sun gaza haka. Ko iska ce? Iska ta kan rage faɗin lilo sannu a hankali, amma ba ta taɓa lokacinsa sai kaɗan ƙwarai, balle dalma mai nauyi. Kuma ba ta bayyana abin da ya sa gajeren zare ya fi kuskure. Yanzu duba abin da aka rubuta a hanyar aiki. An auna zuwa saman dalma, alhali ƙa'ida ta ce tsakiya, watau an rage santimita 1 a kowane awo. Santimita 1 cikin 26 wajen kashi 4 ne cikin ɗari, amma cikin 101 kashi 1 ne kawai, shi ya sa kuskuren ya ke raguwa in zare ya yi tsawo. In aka sake lissafi da 26, 51, 101, sai g ya fito 9.77, 9.78, 9.77. Wannan gyara a sharhi a ke nuna shi tare da dalilinsa. Ba a komawa jadawali a canja lambobin farko kamar ba a taɓa yin kuskure ba, gama malamin da ya san aikinsa ya fi ba da maki ga wanda ya gano inda awonsa ya karkace.

Wajen sake rubutawa ba dole ne ka bi jerin da mai karatu zai bi ba. Ni dai na fi son ɗalibi ya fara da hanyar aiki da sakamako tun awon bai huce a kansa ba, sa'an nan sharhi, ya bar gabatarwa ƙarshe. In ya gama, ya aza gabatarwa kusa da ƙarshen sharhi ya karanta su tare. Gabatarwa ta ce ana neman g, to, sharhi ya ƙare da faɗin g nawa aka samu, watau wajen 9.8, da iyakar yadda za a amince da shi a gwajin da aka yi da agogon hannu da tsawon zare uku kaɗai.