Huɗubar Ɗaurin Aure: Haƙƙin Ciyarwa da Dukiyar Mace

Na halarci ɗaurin aure da yawa a rayuwata, kuma nasihar da ake yi kusan iri ɗaya ce: amarya ta yi haƙuri da biyayya, ango ya riƙe amana. Abin mamaki, amaryar ma ba ta wurin, tana can cikin gida, maza ne zalla a kan tabarmi. Saboda haka da aka nemi in yi nasiha ranar auren ɗan ƙanena, wanda ya auri malamar makaranta mai albashi, sai na ga gara in yi wa mutanen da ke gabana magana a kan abin da ya hau kansu.

Liman ya buɗe da Huɗubatul Haja, wadda ta ƙunshi aya ta 102 ta Suratu Ali Imrana, da ayar farko ta Suratun Nisa'i, da ayoyi na 70 da 71 na Suratul Ahzab, dukkansu kira ne zuwa ga tsoron Allah. Bayan waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, an ambaci sadaki a gaban shaidu, sai na ce wa ango: ci da sha da sutura da muhallin matarka wajibi ne a kanka, ko da ta fi ka samu. Aya ta 34 ta Suratun Nisa'i ta ɗaura shugabancin miji da abin da yake ciyarwa, aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ kuwa ta auna ciyarwar da ƙarfin mutum. Sadakinta da albashinta mallakarta ne. Iyakar abin da mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na shari'a ke bi, ta ba ka a ciki shi ne hana ta kyautar da fiye da sulusin dukiyarta. Wannan bai ba ka ikon cin ko kwabo ba.

Inda rigima ke tasowa shi ne lokacin da mace ta ɗauki nauyin gida. Mu ƙaddara abin da ya kamace ta naira 50,000 ne a wata, miji kuma yana da hali amma ya janye hannu wata goma, wai ai tana da albashi. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaikh Khalil da sharhohinsa, naira 500,000 ɗin nan bashi ne a wuyansa, tsawon lokaci ba ya shafe shi. Idan kuwa talauci ne na gaskiya ya hana shi, ciyarwar waɗannan watanni ta faɗi, ba za ta bi shi abin da ta kashe wa kanta ba ko da ya wadata daga baya. Sai dai tana da damar kai ƙara, alƙali ya ba shi wa'adi, in ya kasa a raba auren da saki na kome, in ya sami hali a cikin idda ya mayar da ita. Wadda ta aure shi tana sane da talaucinsa, a ƙa'ida ba ta da wannan dama.

Abin da ta kashe a kan shi kansa mijin, hukuncinsa daban ne. Tana iya neman a biya ta ko da yana cikin ƙunci a lokacin, sai fa idan kyauta ta nufa. A nan ne kunya ke cutar da mata. Ita tana ganin rance ta bayar, shi yana ganin taimako aka yi masa, babu wanda ya furta, babu shaida. Ga shi kuma idan suna zaune tare ya ce ya ciyar, ita ta musa, maganarsa ake karɓa tare da rantsuwa. Faɗin "rance ne" a gaban mutum biyu bai kai shekaru na gunaguni nauyi ba.

Na gaya masa haƙƙinsa shi ma. Matar da ta bar gidansa ba da izini ba kuma ba da uzurin shari'a ba, ya kasa mayar da ita, ciyarwarta ta faɗi, sai idan tana da juna biyu. Aikin cikin gida irin su girki da shara yana kanta bisa al'ada, in ba ta cikin waɗanda ake ɗaukar wa mai aiki ko mijin ba shi da halin ɗauka. Amma ba zai tilasta ta yin sana'a don ta kawo masa kuɗi ba.

Da aka shafa fatiha, wani dattijo daga dangin ango ya ja ni gefe, ya ce: "Malam, wannan karatu zai sa mata su raina mazajensu." Na tuna masa Hindu 'yar Utba, wadda ta kai ƙarar rowar mijinta Abu Sufyan wurin Manzon Allah (SAW), ya yi mata izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko bashin ciyarwa yana shiga cikin basukan da ake fitarwa kafin rabon gado. Na ce masa yana shiga, muddin ya tabbata.